Tsuntsayen ƙaura da layin da ya ratsa kusa da Kaduna

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta bayanin da kuka buga kan tsuntsayen da ke zuwar mana daga Turai da kaka, kuma na ji daɗinsa ƙwarai, domin na yi shekaru ina koyar da labarin ƙasa a sakandare kafin in yi ritaya, kuma ba kasafai jaridunmu ke waiwayar irin wannan batu ba. Sai dai akwai jimla guda da nake roƙon a ba ni fili in gyara. Marubucin ya ce tsuntsu yana da kamfas a kansa mai nuna masa arewa a duk inda yake. Ba haka abin yake ba, kuma mu mutanen Kaduna mun fi kowa haƙƙin sanin dalili, domin a sararin samaniyarmu ne wannan kamfas ɗin yake yin shiru.

Duniya kanta maganaɗisu ce babba. Layukan ƙarfinta ba a kwance suke ko'ina ba. A can ƙuryar arewa suna soka ƙasa a tsaye kamar turke, a Jamus suna shiga ƙasa a karkace da kimanin digiri 66, kana gangarowa kudu suna ƙara kwantawa, har ka iso inda suke shimfiɗe sarai kamar tabarma. Wannan wurin shi ake kira ikwaita ta maganaɗisu, kuma ba ita ce ikwaitar da ke kan taswirar makaranta ba. Waccan tana can cikin teku kudu da Legas. Wannan kuwa ta ratsa arewacin Nijeriya ne, ba nisa da Kaduna da Zariya, tana ɗan gusawa a hankali da shekaru.

Da ina aji, nakan nuna wa yara abin da idonsu. Muna da wata allurar maganaɗisu a ɗakin gwaji wadda aka rataye ta a tsakiya, tana iya sunkuyawa ƙasa ko ta ɗaga. A hoton littafinsu, wanda aka buga a Ingila, allurar ta sunkuya kamar mai ruku'u. Tamu kuwa in aka daidaita ta arewa da kudu, sai ta yi lilo kaɗan ta tsaya kusan a kwance. Kowace shekara sai an sami yaron da zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ta lalace." Sai in ce masa lafiyarta ƙalau, garinku ne yake zaune a inda ba ta da abin sunkuya wa.

To, wannan sunkuyawar ita ce abin da tsuntsu yake ji. A 1972 wasu masana biyu, miji da mata, Wolfgang da Roswitha Wiltschko, suka yi gwaji a Frankfurt da wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji da Turawa ke kira robin. Sun sa shi a keji, suka kewaye kejin da naɗin wayoyin lantarki yadda za su juya maganaɗisun da ke ciki yadda suka ga dama. Da suka bar arewa inda take amma suka juya karkatar layukan, waɗanda ke soka ƙasa suka koma suna fitowa daga ƙasa, sai tsuntsun ya juya baya gaba ɗaya, alhali kamfas na hannu bai motsa ba. Ma'ana, tsuntsu bai san arewa da kudu irin namu ba. Abin da ya sani biyu ne: ɓangaren da layukan ke nutsewa cikin ƙasa, wato wajen ƙuryar duniya, da ɓangaren da suke ɗagowa, wato wajen ikwaita.

Yanzu mu bi tsuntsu guda mu gani. Akwai wani ƙaramin mai cin ƙwari da 'ya'yan itace, launin ƙasa-ƙasa, ba ya da wani ado, Turawa na kiransa gadin wabla. Nauyinsa bai kai giram 20 ba sai in ya tara kitsen tafiya. Ana ƙyanƙyashe shi a Turai, kuma da kaka ta farko yake tashi, da dare, ba uwa ba uba a gabansa. Umarnin da aka halicce shi da shi shi ne ya bi ɓangaren ikwaita. Wannan ya ishe shi ya tsallake Bahar Rum, ya ratsa Sahara. Amma yana shigowa ƙasar Hausa layukan sai ƙara kwantawa suke, har ya zo inda gaba da baya suka zama ɗaya. Kuma ba nan matsalar ta tsaya ba. In ya ƙetare layin ya ci gaba da bin tsohon umarnin, ɓangaren ikwaita yanzu yana bayansa ne, sai ya juyo, ya yi ta kai da komowa tsakanin Kano da Abuja. Amma ba ya yin haka. Ana kama irinsa a dajin Amurum kusa da Jos, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis take, wasu kuma suna wucewa har kudancin Afirka.

Yadda yake warware wannan shi ne abin da ya fi burge ni a duk karatun da na yi. Waɗancan masanan biyu sun sake gwaji, suka buga sakamakon a 1992. Sun ajiye irin wannan tsuntsun kwana biyu a cikin maganaɗisu kwantacce, wato suka kai masa Kaduna har cikin keji, sannan suka mayar da shi cikin maganaɗisun Jamus. Tsuntsayen da a da suke dosar ɓangaren ikwaita sai suka juya suna dosar ɓangaren ƙurya. Kwanciyar layukan ita kanta ce alamar da ke ce masa ya sauya umarni. Allah mai iko. Ashe sararin da ke kan rufin gidajenmu shi ne mararrabar da suke sauya lissafi.

Saura tambaya ɗaya: a cikin shirun, da me yake tafiya? A 2016 masu bincike a Jamus sun gwada wani ɗan uwansa mai baƙin kai, suka ga yana iya gane hanya in karkatar ta kai digiri 5, amma in ta zama sifili sai ya yi ta tsalle ko'ina ba alƙibla. A yankinmu karkatar tana ƙaruwa da kimanin digiri 2 a duk kilomita 111 da ka yi arewa ko kudu. Ke nan digiri 5 bai kai kilomita 300 daga layin ba. Haɗa gefe biyu, faɗin wurin bai kai kilomita 600 ba, kuma ƙaramin tsuntsu yana iya cin kilomita ɗari uku ko huɗu a dare guda. Tafiyar dare biyu ce ke nan da sai ya dogara da wani abu dabam.

Na farko taurari. Wani Ba'amurke, Stephen Emlen, ya nuna a 1970 cewa tsuntsu ba ya haddace tauraro guda tun daga ƙwai. Tun yana ɗan tsako yake kallon sama, ya lura duk taurari suna kewayawa sai wuri guda da ba ya motsi, ya riƙe wurin a matsayin turkensa. Emlen ya reni 'yan tsaki a ɗakin da ake haska taurari a rufi, ya sa rufin yana juyawa a kan wani tauraro dabam mai suna Betelgeuse, kuma da lokacin ƙaura ya yi sai suka ɗauki wannan tauraron a matsayin arewa. A Kaduna tauraron arewa yana ƙasa sosai, digiri 10 da ɗoriya sama da inda sama ta haɗu da ƙasa. Miƙa hannunka ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen ke nan. Da nake yaro mukan gan shi daga bakin kogi a daren kaka in sama ta wanke. Yanzu in na fita bayan sallar isha'i, hasken gari da hayaƙi sun cinye wannan gefen, in kuma hazo ya sauko ko Kaza da 'Ya'yanta da ƙyar kake gani. Sa'ar tsuntsun ita ce ya riga ya san sauran taurarin da ke kewaye da turken, ba sai ya ga turken kansa ba. Yana kuma da faɗuwar rana. Masu tafiyar dare suna tashi ne jim kaɗan bayan magariba, kuma binciken da aka yi a Amurka a 2004 ya nuna wasunsu da jan sararin yamma suke daidaita hanyar daren.

Alamomin ƙasa kuwa, kogi da dutse da gari, na wanda ya taɓa zuwa ne. An gane haka tun 1958, lokacin da wani masani ɗan Holan, Perdeck, ya buga sakamakon kama tsuntsaye dangin shaya kimanin 11,000 da aka kwashe daga Holan zuwa Suwizalan aka saki. 'Yan shekarar farko suka ci gaba da bin alƙiblarsu ta gado har suka faɗa kudancin Faransa da Sifen, inda ba nan ne masaukinsu ba. Manyan suka gyara hanya suka nufi inda suka saba. Yaro yana da alƙibla, babba yana da taswira. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san shamuwa, yadda take bayyana gab da damina a kan kukar da aka saba ganinta, har dattawa su ce a gyara fartanya. Ita ma daga kudancin nahiyar nan take tahowa, ita ma sai ta shigo wannan yankin na shiru, sai dai da rana take tafiya, tana hawa iska mai zafi tana kallon ƙasa a shimfiɗe ƙarƙashinta.

Roƙona gare ku, ya Edita, guda ne. Duk abin da aka sani game da inda tsuntsayen nan suke sauka, yawancinsa daga zoben ƙarfe ne da masu bincike ke sa musu a ƙafa. Wani yaron maƙwabcina ya taɓa harbo ɗan tsuntsu da danƙo a bakin kogin Kaduna, ya ga zobe a ƙafarsa, tsoro ya kama shi. Kakarsa ta ce asiri ne, aka jefa a masai kafin labari ya iso ni. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin a jikin zoben akwai lamba da sunan ƙasar da aka sa shi. Ku taimaka ku sanar da masu karatu, musamman mafarauta da masunta da manoman fadama, cewa in sun ga irin wannan su rubuta duk abin da ke jikin zoben, da ranar, da sunan wurin, su kai wa sashen nazarin dabbobi na jami'ar da ta fi kusa da su ko cibiyar da ke Jos. In tsuntsun yana da rai, a karanta lambar a sake shi da zobensa.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin labarin ƙasa,
Kabala, Kaduna