Godiya ga ofishin aika saƙo da ya bi mini sawun kayana

Assalamu alaikum.

Ni tela ne a Kano, kuma na rubuto ne in gode wa ma'aikatan ofishin da nake aika ɗinki ta hannunsu, musamman Hajiyar da ke teburin karɓar koke.

Shadda ce kala uku, ɗinkin ango, na aika Legas. Aka auna, kilo 4 da rabi, aka ce kwana uku za ta isa. Har kwana takwas in na sa lambar bibiya a shafinsu, `In transit`, wato kaya na kan hanya, kawai nake gani. Ango yana ta kira, ni kuwa barci ya ƙaurace mini.

Na shiga ofishin raina a ɓace. Hajiya ta ce, "Malam, zauna tukuna, ba ni rasit ɗinka." Ta shigar da lambar, ta juyo mini da fuskar kwamfuta, ta nuna mini cewa a rumbunsu na Abuja aka yi wa ƙunshin rajista ta ƙarshe: ya shiga, amma babu shaidar ya fita. Ta ce daga nan bincike zai fara. A gabana ta rubuta musu, da lambar, da nauyin, da kalar jakar, ta ba ni lambar koke daban, wadda zan riƙa ambata duk lokacin da na kira.

Abin da ya fi burge ni, ba ta jira sakamakon bincike ba. Ta ce neman diyyar inshora yana da wa'adi, kuma wanda ya aika kaya ne yake nema, don haka mu cike fom yau. Ta karɓi kwafin rasit ɗin aikawa, da rasit ɗin shaddar daga Kantin Kwari, da hotunan da na ɗauka kafin in naɗe kayan, da saƙon ango cewa bai karɓi komai ba.

Ta kuma faɗa mini gaskiya mai ɗaci. Ranar aikawa naira dubu 300 na rubuta a matsayin darajar kaya, kuɗin yadi kawai, don in rage kuɗin inshora. Aikin wuya da ɗinki na dubu 90 ban sa ba. Ta ce abin da aka rubuta shi inshora ke biya, ko sisi ba za a ƙara ba. Ya yi mini zafi, amma gara da na ji tun ranar, na san inda zan nemo cikon.

Sau biyu ita ta kira ni, ban neme ta ba. Da aka tabbatar kayan sun ɓata, dubu 300 suka shigo asusuna. Kafin nan na riga na ci bashi na sake ɗinkin, kuɗin suka biya bashin.

Hajiya, Allah Ya saka da alheri, Ya albarkaci zuri'a. Ɗinki na biyu ma ta hannunku ya tafi, da cikakkiyar darajarsa a rubuce, kuma ango ya sa shi ranar ɗaurin aure.

Naku,
Wani tela daga Fagge