Ni AS, shi ma AS, ya ce mu haifi uku mu tsaya

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaishe ki da aiki. Shekarata 24, kuma kusan shekara biyu ke nan muna tare da wani bawan Allah wanda ban taɓa ganin aibunsa ba. Da maganar aure ta taso na ce mu je gwajin jini. Ya kawo mini wata tsohuwar takarda mai ɗauke da O+, ya ce ai shi lafiya lau. Sai da na yi masa bayani cewa wannan rukunin jini ne, na ƙarin jini, ba shi da alaƙa da sikila. Muka je aka yi mana gwajin jinotaif. Ni AS, dama na sani. Shi ma ya fito AS. Muka sake a wani wurin, sakamakon bai canja ba.

Anti, ni ba a bakin mutane na ji labarin amosanin jini ba. Ƙanwata da ke bi na SS ce. Tana wata bakwai hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, ta kwana tana tsala kuka, ko taɓa ta ba a yi. Yanzu ta girma, amma da sanyi ya shigo ko zazzaɓi ya kama ta, sai ciwon ya sauka a ƙashin bayanta da gwiwoyinta. Na sha kwana a gefen gadon asibiti ina riƙe da hannun da aka sa wa ruwa, ina kallon farin idonta ya koma rawaya. Likitanta ya taɓa gaya mana dalili: ƙwayar jininta na lanƙwashewa kamar lauje ta toshe ƙananan hanyoyin jini, kuma tana mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20, alhali ta mai lafiya kan kai kwana 120. Shi ya sa kullum jininta ke ƙasa.

Ni kuwa uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma ban taɓa kwanciya saboda wannan ba. Na gaji S daga ɗaya cikin iyayenmu, na gaji A daga ɗayan, kuma wannan A ɗin ya ishi jikina. Ita S biyu ta gada. Mai AS ba mai ƙaramar sikila ba ne, kuma ba zai wayi gari ya koma SS ba. Yana dai ɗauke da abin da zai iya miƙa wa ɗansa. Wannan ne ya fi wuyar shiga kan wanda zan aura, domin yakan ce, “Dube ni, dube ki, wa ke ciwo a cikinmu?”

Da aka ce mana haɗarin ɗaya ne cikin huɗu, sai ya yanke cewa mu haifi uku mu tsaya, tunda a ganinsa na huɗun ne zai zo da cutar. Ma'aikaciyar jinya ta zaunar da mu, ta ce kowannenmu tamkar yana riƙe da kwabo ne, fuska ɗaya A, ɗaya S, kuma a kowane ciki sai an sake jefa su duka biyun. Kashi 25 cikin 100 AA, kashi 50 AS, kashi 25 SS, kuma cikin da ya wuce ba ya rage wa na gaba komai. Da na koma na zauna da biro: uku bisa huɗu sau uku bisa huɗu sau uku bisa huɗu ya ba ni 27 cikin 64. Wato damar a ce duka ukun sun tsira kusan kashi 42 ce kawai, sauran 58 kuwa aƙalla ɗaya zai zo da SS. A gidanmu mu biyar ne, kuma tun a haihuwa ta biyu abin ya faɗo.

Na nuna masa lissafin, ya yi shiru, sannan ya ce yayarsa da mijinta duk AS ne, 'ya'yansu huɗu ƙalau. Gaskiya ne, na san yaran. Haka na faruwa, amma sa'arsu ba za ta bi mu ɗakinmu ba. Ya kuma ce ina tsoron abin da Allah bai riga ya hukunta ba. Wannan maganar ta yi mini zafi, don na yarda da ƙaddara, amma ni ce na ga mahaifiyata tana share hawaye da bakin mayafi a bakin ɗakin ƙarin jini.

Anti, wallahi ina son sa, kuma ban san da bakin da zan ce masa mu haƙura ba tare da ya ɗauka gudunsa nake yi ba. Shin in nemi mu koma tare wurin likitan jini ya ji daga bakinsa, ko in sa manya su shiga maganar tun yanzu? Sannan yaya zan yi wannan magana a gida ba tare da ƙanwata ta ji kamar irinta nake gudun haifa ba? Ita ce ta fi kowa murnar auren nan, kuma har yau ban gaya mata sakamakon ba.

Na gode, ina sauraron amsarki.

Ƙanwarki,
Mai bibiyar shirinki