Sulusin wasiyya ba na magaji ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina rubuto muku daga unguwar Birni a nan Damagaram, kan wata magana da na ji tana yawo a bakin mutane, har a shirye-shiryen da masu sauraro ke bugo waya: wai mutum yana da ikon ya ba wanda ya ga dama sulusin dukiyarsa ta hanyar wasiyya. Maganar rabinta gaskiya ne, rabin da aka bari kuwa shi ke raba zumunta. Na ga hakan da idona a gidan kawuna, Allah ya jiƙansa, shi ya sa na kasa yin shiru.

Kawu ɗan kasuwa ne. Ya rasu ya bar matarsa, ƴaƴa maza uku da mace ɗaya, da kuma jika maraya wanda ubansa, babban ɗan Kawu, ya riga shi rasuwa. Autan gidan shekararsa 13. Da aka yi sadakar bakwai aka zauna a zaure, malamin da aka kira ya sa aka ƙiyasta gida da shago da bisashe da kuɗin hannu. Ya ce a fara fitar da kuɗin likkafani da na kabari, sannan a biya bashi, har da cikon sadakin matarsa Inna da Kawu bai gama biya ba. Abin da ya rage ya kama miliyan 12 na sefa. Daga wannan ragowar ake lissafin sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku, ba daga abin da mamaci ya mallaka ranar da ya rubuta takarda ba. Sulusin Kawu ke nan miliyan 4.

Sai aka fito da takardar, rubutun ajami da hannunsa, da shaidu biyu da suke zaune a wurin. Abu biyu ya rubuta. A ba jikansa maraya miliyan 2. Shagon kuma, wanda aka yi wa kuɗi miliyan 1 da jika 600, a ba ƴarsa, domin ita ta bar ɗakinta ta yi jinyarsa wata da watanni. Kowa ya san ta yi. Ni kaina na sha tarar da ita tana ba shi kunu da cokali, tana goge masa gemu da bakin zanenta.

Wani dattijo cikin dangi ya yi lissafi da yatsu, ya ce ai magana ta ƙare, duka biyun ba su kai miliyan 4 ba, a ba kowa nasa. Malam ya girgiza kai. Ya ce na yaro ya wuce ba tare da an tambayi kowa ba, amma na yarinya ko dala ɗaya ce sai magada sun yarda. Dattijon ya ce, "Allah gafarta Malam, ƴar cikinsa ce fa, jika kuwa ai ya fi ta nisa." Malam ya ce, "Don ita ƴar cikinsa ce, Alhaji. Ita Allah ya yanka mata rabo. Shi yaron, baffanninsa sun shamakance shi, ba shi da ko allura a gadon nan in ba ta wannan takarda ba."

Abin da nake so masu sauraro su gane ke nan. Idan malaman fiƙihu suka ce bare a babin wasiyya, ba baƙon da ya zo daga wani gari suke nufi ba. Suna nufin duk wanda ba zai ci gado ba a ranar da mai wasiyya ya cika: jikan da ɗa ya shamakance, agola, ɗan riƙo, yaron shago da ya yi shekaru yana hidima, masallaci, makarantar allo. Ranar mutuwa ake dubawa. Mutum zai iya yi wa ƙanensa wasiyya lokacin ba shi da ɗa namiji, ƙanen yana magaji. In aka haifa masa ɗa kafin ya rasu, ƙanen ya fita daga magada, wasiyyar ta inganta. In kuma abin ya juya, ta faɗi.

Iyakar sulusin ta fito ne daga hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim. Ya kwanta ciwo mai tsanani a Makka shekarar Hajjin Bankwana, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya je duba shi. Sa'adu ya ce yana da dukiya, ga shi ƴa ɗaya gare shi, ko ya yi sadaka da kashi biyu cikin uku? Aka ce a'a. Rabi fa? A'a. Sai aka yardar masa sulusi, aka kuma ce sulusin ma da yawa, domin ka bar magadanka da wadata ya fi ka bar su matalauta suna roƙon mutane. Saboda kalmar nan ta "da yawa" Ibnu Abbas ya so a ce mutane sun sauko zuwa rubu'i. Da a ce Kawu miliyan 6 ya rubuta wa jikansa, 4 za a ba shi, sauran 2 su tsaya a hannun magada, in sun so su bayar, in sun ƙi babu laifi a kansu.

Hanin yi wa magaji wasiyya kuwa dalilinsa dabam ne, kuma a nan ne mutane ke cakuɗa abu biyu. A farkon Musulunci an umarci mai barin dukiya ya yi wa iyaye da dangi wasiyya, kamar yadda ya zo a aya ta 180 cikin Baƙara. Da ayoyin gado suka sauka cikin Nisa'i, aka yanka wa kowa rabonsa, Annabi ya ce Allah ya ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, don haka babu wasiyya ga magaji. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta wannan wuri. Ku duba lissafin gidan Kawu. Bayan an cire na jika, saura miliyan 10. Inna tana da tumuni, wato ɗaya cikin takwas, miliyan 1 da jika 250. Kowane namiji miliyan 2 da rabi, mace miliyan 1 da jika 250. In aka ɗauki shago aka ɗora mata a kan rabonta, ta kai miliyan 2 da ɗoriya, kowane ɗan'uwanta ya ragu. An sake rabon da Alƙur'ani ya yi ke nan ta bayan gida. Yau ƴa mai jinya ce, kowa zai tausaya. Gobe amarya ce ta kwantar wa tsoho da kai ya rubuta mata gida, ko uba ya tara wa maza komai ya bar mata da tabarma. Ƙofa ɗaya ce, in an buɗe wa wannan an buɗe wa wancan.

To me ya sa yardar magada ke gyara abin? Saboda haƙƙinsu ne ake tsarewa, mai haƙƙi kuwa yana iya yafe nasa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, in sun yarda, ana ɗaukar abin a matsayin kyauta daga gare su, ba zartar da umarnin mamaci ba. Wannan yana jawo abubuwa da yawa. Kowa nasa kason kaɗai yake iya bayarwa. Dole ya zama baligi mai hankali da ke da ikon sarrafa dukiyarsa. Wadda aka ba kuma sai ta karɓa ta riƙe a hannu, kamar kowace kyauta.

Haka Malam ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A cikin shagon Inna tana da jika 200, kowane namiji jika 400, ita ƴar tana da jika 200 nata na gado. Inna ta ce ta bar mata. Babban wan ya ce, "Na bar miki, Allah ya sa albarka." Inna ta ƙara da cewa ta yafe na auta tunda ita ke riƙonsa. Malam ya ce, "Hajiya, wannan ba naki ba ne. Dukiyar maraya ba a kyauta da ita, ko uwa ko waliyyi. In ya girma ya ga dama, ya ba yayarsa da hannunsa."

Na tsakiyar ne ya ƙi, kuma a nan zaure ya ɗauki zafi. Aka tuna masa cewa a gaban mutane, Kawu yana kwance, ya tambaye shi ya ce "To, Baba." Na zaci Malam zai kama shi da wannan kalma, domin a wajen Malikawa izinin da magaji ya bayar lokacin ciwon ajali yana iya zama dole a kansa, saɓanin wanda ya bayar mai dukiya yana da lafiya. Amma Malam ya tambaya: a ina yake zaune, wa ke ciyar da shi? A gidan yake, shi da matarsa da ƴaƴansa, daga tukunyar Kawu suke ci. Malam ya ce wanda ke ƙarƙashin ciyarwar majinyaci yana da uzuri, ana jin tsoron kunya ce ko fargabar a yanke masa abinci ta sa ya amsa, saboda haka yana da damar janyewa. Raina bai so abin da ya yi ba, ban ɓoye masa ba kuwa. Sai dai jika 400 ɗin nan nasa ne halak malak, ga iyali ga rashin sana'a mai ƙarfi, kuma bai ci na kowa ba.

Daga ƙarshe rabin shago ya zama nata, ta fanshi ɗaya rabin da jika 800 daga cikin gadonta, aka ba na tsakiya nasa, aka ajiye wa auta nasa a hannun amintacce da shaidu. Ta tashi da shago da jika 250 a hannu. Ta fita zauren tana kuka, ba don kuɗin ba, don ta ji kamar an tayar da maganar ubanta. Ita da ɗan'uwan nata sun fi shekara gaisuwa kawai ke haɗa su.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Kawu yana da hanyar da zai bi tun yana da ƙarfinsa. Da ya ba ta shagon kyauta yana lafiya, ya miƙa mata mabuɗi, ya janye hannunsa, ta shiga tana saye da sayarwa a gaban shaidu, da shagon bai shiga gado ba. Ko a nan ma malamai suna jan kunne kan fifita wani ɗa a kyauta, saboda hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, don haka sai an yi shawara da masani. Amma kyautar baki da ba a karɓa ba har mai ita ya kwanta ciwon ajali, ta ɓaci, ta koma cikin gado; wadda aka yi a cikin ciwon kuwa hukuncin wasiyya take bi, ta sake faɗowa kan yardar magada. Kawu ya jira har ciwo ya ci ƙarfinsa, sannan ya nemi alƙalami.

Roƙona gare ku, Edita, ku gayyato malamin da ya san fara'ila ya zauna da ku ko sau biyu ne, ya yi lissafin nan da alƙaluma a fili yadda mai sayar da goro zai bi. Ku tambaye shi musamman game da jikoki marayu da agololi, domin a unguwarmu kaɗai na san gidaje da dama da kaka ya rasu bai rubuta musu komai ba, alhali su ne sulusin zai amfana, ya ɓata takardarsa kan waɗanda rabonsu ke jiransu.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku,
daga Birni, Damagaram