Masakwa ba ta jiran jadawalin karatu: yaya zan nemi izini?

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira.

Ni malami ne a sashen nazarin noma na wata jami'a a nan arewacin Kamaru. Bincikena a kan masakwa ne, dawar rani da Fulani ke kira muskuwaari, wadda ake dasawa a karal, wato baƙar ƙasar laka ta yankin Diyamare. Ana yafa irinta a Agusta ko Satumba, a dasa bayan ɗaukewar ruwa, a girbe wajen Janairu zuwa Fabrairu. Ruwan da take samu shi ne ɗan wanda ake zuba mata a rami ranar dashe, sauran kuwa danshin da laka ta riƙe ne. Wannan danshin nake aunawa. Idan ban je lokacin dashe ba, ƙasa za ta tsattsage, awon farko ya wuce ni, sai kuma baɗi. Ga shi lokacin ya faɗo daidai da farkon zangon karatu a Oktoba.

Mako shida nake nema a ƙauyukan Bogo da Dargala. Darussa uku ne a hannuna, kuma ban ce a yafe mini ko awa ɗaya ba. Na farko zan haɗa shi in koyar a jere idan na dawo. Na biyu mun yi magana da wani abokin aiki mu yi musaya, ya shigo da nasa yanzu, nawa ya koma zango na biyu. Na uku na 'yan shekarar farko ne, shi ne ke hana ni barci, don yara ne da ba su saba da jami'a ba. Akwai ɗalibin digiri na uku da zai iya riƙe musu ajin atisaye, amma laccar kanta sai an ba wani malami.

Na kai wa shugaban sashe wannan tsari, ya ce, "Je ka, ba damuwa." Da aka manna jadawali a allo, sai ga sunana a duka ukun. Babu kuma takardar izinin tafiya, wadda sai ta bi ta hannunsa, ta je wa shugaban tsangaya, kafin ta kai sama. In na tafi da izinin baki kawai, a rubuce na gudu daga aiki ke nan, kuma masu ɗaukar nauyin binciken ba sa sakin kuɗi sai sun ga takardar.

Malam, wannan shugaba shi ya duba mini kundin digirina, uba ne a wurina. Idan na shigar da buƙatar a rubuce na karɓi shaidar ajiya, ba zai ga kamar ban yarda da maganarsa ba? Ko in fara tura wani dattijo cikin malamai ya tuna masa? Idan shiru ya yi yawa, ya halatta in je wurin shugaban tsangaya kai tsaye? Manoma sun riga sun fara share karal.

Na gode.

Mai sauraronku a kullum.