Zuwa Ga Abokan Cinikinmu: Yadda Za Ku Ɗauki Hoton Shafuka Domin Mu Haɗa Su Ba Maimaici

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto muku ne game da hotunan takardu da kuke turo mana domin mu haɗa su su zama takarda guda. Mun lura cewa yawancin jinkirin da ake samu a wannan aiki yana tasowa ne tun daga lokacin ɗaukar hoton, shi ya sa muka ga ya dace mu bayyana muku yadda muke yin haɗin, da abin da muke buƙata daga wajenku.

Za mu fara da jeri. Idan kuka sa wa hotuna lamba 1, 2, 3 har zuwa 12, wasu manhajoji za su jera su bisa harafin farko na suna, sai 10, 11 da 12 su shigo gaban 2. Maganin wannan shi ne a sa sifili a gaba, wato 01, 02, 03, in kuma hotunan sun kai ɗari, a rubuta 001. Ba ma dogara da lokacin da aka ɗauki hoto, domin manhajojin aika saƙo kan goge wannan bayani su kuma rage ingancin hoton, sai dai idan an tura shi a matsayin fayil.

Babbar maganar ita ce ta shafin da ya yi tsawo har aka ɗauke shi kashi biyu. Mutane da yawa suna ƙoƙarin hoto na biyu ya fara daidai inda na farko ya tsaya, suna ganin sun sauƙaƙa mana aiki, alhali kuwa sun ɗaure mana hannu ne. Idan babu layin da ya fito a hotunan biyu, ba mu da hanyar tabbatar da cewa wani layi bai faɗa tsakani ba, musamman idan jimla ta ƙare a ƙasan hoton farko, wata sabuwa ta fara a saman na biyu, karatu ya tafi sumul kamar babu abin da ya ɓace. Don haka muna roƙon ku bar layi uku na ƙarshen hoton farko su sake fitowa a farkon na biyu. Cire maimaicin aikinmu ne.

Ga misali da shafi mai layi 40. Hoton farko ya ɗauki layi na 1 zuwa na 23, na biyu kuma ya ɗauki na 21 zuwa na 40, jimilla layi 43 ke nan, uku daga ciki maimaici ne. Ba ma yankewa a bakin hoto, domin a nan ne rubutu ya fi karkacewa, kuma sau da yawa layi na 23 yakan fito rabinsa a yanke a hoton farko, haka ma na 21 a hoto na biyu. Abin da muke yi shi ne mu riƙe layi na 1 zuwa na 22 daga hoton farko, mu ɗauko na 23 zuwa na 40 daga na biyu, mu yanke a farin filin da ke tsakanin layukan. Sai mu ƙirga: 22 da 18 sun ba da 40. In lissafi ya ba da 41, akwai maimaicin da ya saura, in kuma ya ba da 39, mun ci layi. Kafin yankan sai mun daidaita girman rubutun hotunan biyu, wanda shi ne dalilin da ya sa muke so ku riƙe waya a nisa ɗaya, tana kallon takardar kai tsaye.

Inda muka fi taka-tsantsan shi ne takardar da ita kanta take maimaita layi, kamar jadawalin lissafi mai adadi iri ɗaya a jere, ko waƙa mai amshi. A irin wannan, layi ɗaya da ya yi kama da wani bai isa hujja ba, domin ana iya goge layi na gaskiya a zaton maimaici ne, kuma a jadawalin kuɗi wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Sai mun ga layuka ukun sun zo a jere iri ɗaya a hotunan biyu, kuma suna ƙarshen ɗaya da farkon ɗayan, sannan mu yanke. Idan takardarku irin wannan ce, ku ƙara maimaicin ya kai layi biyar.

Tsakanin shafi da shafi kuwa babu buƙatar maimaici. Ku dai tabbata lambar shafi ta fito a hoton, mu za mu cire ta tare da kan maganar da ke saman kowane shafi bayan mun gama jeri. In takardar ba ta da lamba, ku rubuta a ɗan guntun takarda ku ajiye a gefe kafin ɗauka, kuma kada ku goge hotunan daga wayarku sai kun karanta abin da muka mayar muku kun gamsu.

Naku a kullum,
Masu gudanar da kamfani