Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumarmu: Tsinken Gwajin Ciki Ya Gagare Mu?

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Ka tuna ranar da ka tsaya a ƙofar asibitin garinmu kana neman ƙuri'a, ka ce ba macen da za ta ƙara rasa ranta saboda ciki? Saura ƙiris ƙanwata ta ƙaryata ka.

Ta yi ɓatan wata, mako 7 ke nan rabonta da al'ada, sai ciwo ya kama ta a gefen dama na mara, ga ɗan jini baƙi-baƙi yana ɗiga. A asibitin aka ce sanyi ne, aka ba ta maganin kashe zafi. Ba wanda ya gwada fitsarinta, wai tsinken gwaji ya ƙare. Tsinke fa, ranka ya daɗe!

Ashe cikin ne ya zauna a wajen mahaifa. Mace tana da bututu biyu, dama da hagu, kowanne tsawonsa kamar santimita 10, ta nan ƙwai ke bi ya isa mahaifa. Idan ƙwan ya maƙale a hanya, nan zai kama girma. Jiki kuwa ya riga ya san an yi ciki, shi ya sa al'ada ke ɗaukewa, gwaji ma ya nuna akwai. Mahaifa tana buɗewa ta ɗauki ɗa, bututu siriri ba ya iya haka, don haka ciwon ke tsayawa a gefen da abin ya maƙale. Ƙarshenta ya fashe, jini ya riƙa zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. Likitoci sun ce cikin kowane ciki 100, ɗaya ko biyu haka suke, kuma irin wannan ciki ba ya rayuwa.

Kwana uku bayan nan ta miƙe za ta yi alwala, jiri ya kwashe ta. Na ja fatar idonta na ga fari fat, tafin hannunta sanyi ƙalau, tana kukan kafaɗa. Daga baya likita ya ce jinin da ya taru ne ya taɓo tantanin da ke ƙarƙashin huhu, zafin ya fito a kafaɗa. A motar ɗan kasuwa muka kai ta Daura da dare, ita motar asibitin da ka yi alkawari har yau a fosta take. Hoton ciki ya nuna mahaifa ba komai, aka shiga tiyata aka cire bututun, aka ƙara mata jini leda biyu. Da an gano da wuri kafin ya fashe, wataƙila wata allura mai tsayar da girman irin wannan ciki, methotrexate, ita kaɗai ta ishe ta. Alhamdulillahi ɗayan bututun lafiyarsa lau, tana iya sake haihuwa.

Maganar mota mu bar ta tukuna. Don Allah ka sa a ajiye tsinken gwaji a kowane ƙaramin asibiti, kuma a ba ma'aikata umarni a rubuce: duk macen da ta zo da ɓatan wata da ciwon mara gefe guda, a gwada fitsarinta nan take, in ya nuna ciki a tura ta hoto a ranar, kada a sallame ta gida.

Naka,
Wani talakanka daga ƙasar Daura