Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Kwamitin Rabon Filaye

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ranar da aka rantsar da kwamitinka, da bakinka ka ce wannan karon babu alfarma, babu ɗan wane, ƙuri'a za a yi a bainar jama'a, a gaban shaidu, bisa ƙa'idojin da kowa zai karanta tun kafin ya cike fom. Saboda wannan maganar muka bi layi, har da waɗanda suka daɗe da fid da rai daga duk wani rabo na hukuma. To, an yi ƙuri'ar, an ɗauki hotuna, an tafa. Har yau kuwa babu wanda ya ga jerin sunayen da aka zuba a akwatin, kuma a kan wannan jerin nake rubuto maka.

Na san amsar da ofishinka ke bayarwa, wai ai akwai shaidu. Gaskiya ne, mun gan su, dattawa ne masu mutunci, an jera musu kujeru a gaba. Amma sun shigo zauren ne sun tarar da akwatin a cike. Abin da suka shaida shi ne hannu ya shiga, kati ya fito. Katuna nawa ke ciki? Sunan wa ya shiga sau ɗaya, na wa ya shiga sau goma, na wa aka manta da shi a durowa? Ba su sani ba, ba a kuma ba su damar tambaya ba. An ari mutuncinsu ne kawai aka lulluɓe akwatin da shi.

Bari mu yi lissafi da alƙaluman da kuka sanar, fuloti 200 da masu nema 3,000. Idan kowa kati ɗaya gare shi, damar kowane mutum ɗaya ce cikin 15. Yanzu a ce wani ya ƙara katuna 300 a asirce, na mutum 30, kowannensu goma-goma. Damar talakan da ya bi layi za ta ragu kaɗan, daga ɗaya cikin 15 zuwa kamar ɗaya cikin 16 da rabi, ragin da babu mai jin sa a jikinsa. Amma shi mai kati goma damarsa ta kusa kaiwa rabi. Cikin mutum talatin ɗin nan, kusan 14 za su tashi da fuloti, a gaban kyamara, ana yi musu barka. Ban ce haka aka yi ba. Cewa na yi, yadda aka gudanar da abin, kai kanka ba ka da hujjar da za ka nuna cewa ba a yi ba.

Maganin wannan ba ya cin kuɗi. Bayan an rufe karɓar fom an tantance, a liƙa jerin duk waɗanda suka cancanta, kowa da lambarsa daga 1 zuwa 3,000, a ba da kamar mako biyu. Wanda bai ga sunansa ba ya kawo rasit ɗinsa, wanda aka cire a gaya masa sakin layin ƙa'idar da ya cire shi, wanda ya hango suna ɗaya a wuri biyu ya yi magana. Daga nan a rufe jerin, shaidu su sa hannu a kowane shafi. Ranar ƙuri'a a fara nuna akwatin babu komai a ciki. A ƙirga katunan ɗari-ɗari ana duba su da jerin, dukkansu girma ɗaya, takarda ɗaya, ninki ɗaya, don kada yatsa ya gane na gida. In an gama zaro na zarowa, a ƙirga ragowar. Wanda aka zaro da wanda ya rage dole su ba da 3,000 cif. Aikin yini ɗaya ne. Ko kuwa abin da zai zama gidan mutum da 'ya'yansa bai kai a ɓata masa yini guda ba?

Kuma ko babu mai mugun nufi, ƙuri'a tana karkacewa. A watan Disamba na 1969 Amurka ta yi ƙuri'ar ɗaukar matasa aikin soja da ranakun haihuwa 366, aka nuna ta a talabijin. An zuba ranakun wata bayan wata, ba a cakuɗa su sosai ba, sai na watannin ƙarshen shekara suka fi fitowa da wuri, 'yan Disamba suka kwana a ciki. Masana lissafi sun gano hakan ne domin an buga sakamakon gaba ɗaya. Shi ya sa nake cewa a riƙa juya akwatin tsakanin zaro da zaro, a kuma buga lambobin da suka ci bisa jerin fitowarsu. In rabinsu suka taru tsakanin lamba 2,500 da 3,000, ko ɗan firamare zai gane katunan sama aka kwashe.

Na ji ana raɗe-raɗin wai zagaye na biyu da kwamfuta za a yi, a huta da surutu. Ranka ya daɗe, kwamfuta ma akwati ce, sai dai ita ba a ganin cikinta. A 2011 gwamnatin Amurka ta soke sakamakon ƙuri'ar bizarta bayan an riga an sanar da dubban mutane, domin kuskuren manhaja ya sa aka ɗebo mafi yawan waɗanda suka ci daga cikin waɗanda suka yi rajista a kwana biyun farko. In kun nace sai ita, ku wallafa jerin da manhajar tun da wuri, lambar da za a fara lissafin da ita kuma shaidu su zaro ta a zauren, yadda duk mai so zai maimaita a gidansa ya samu sakamako iri ɗaya.

Akwai kuma ƙofar baya da kuka bari a buɗe. Kun tsaya cak a kan kati na 200. Kowa ya san cikin waɗanda suka ci akwai wanda zai kasa biya kafin wa'adi, akwai wanda takardunsa za su faɗi. Filayensu hannun wa za su koma? Ƙa'idojinku sun yi shiru, mu kuma ba yara ba ne. Da an ci gaba da zaro wasu 100 a matsayin masu jira, aka liƙa su bi da bi, da fulotin da ya dawo ya san mai shi. Haka batun wa zai samu na bakin titi, wa zai samu na bakin kwata, shi ma akwati na biyu yake so, mai lambobin fuloti. Ma'aikatan kwamiti da iyalansu kuwa, ban ga inda aka ce kada su shiga ba.

Don Allah, ranka ya daɗe, kada ka ɗauki wannan a matsayin kukan wanda bai ci ba. Mutum 2,800 dole su rasa, mun san da haka tun ranar da muka karɓi fom. Abin da muke roƙo shi ne a dakatar da miƙa takardun mallaka, a fito da jerin da aka yi aiki da shi, a kawo ragowar katunan a ƙirga a gaban shaidu, a sa har da mutum biyar da masu nema za su zaɓa daga cikinsu. In lissafi ya cika, a zaro masu jira a nan take, a wuce wurin. In bai cika ba, a soke a sake.

Naka,
Ɗaya daga cikin masu nema.